Yadda ake rubuta wa ɗalibi gyaran da zai iya aiki da shi

"Malam barka da aiki. Ni sabuwar lakcara ce, bana aka fara ba ni ɗaliban furojet in duba. Ina raba dare ina bin aikinsu da jan biro, wani wajen in rubuta 'ka yi ƙoƙari', wani wajen 'bai fito ba, a sake rubutawa', amma in sun dawo da shi kusan yadda na ba su haka yake. Ni ce ban iya ba ko su ne ba sa karantawa?"

Malama barka kadai, Allah ya taimaka. Karantawa kam suna yi, yawancinsu ma tun a bakin ofis ɗinki suke tsayawa su buɗe su ga me kika rubuta. Abin da ke faruwa shi ne in yaro ya koma ɗaki ya buɗe kwamfuta, ga "bai fito ba" a gefen takarda, sai ya rasa ta ina zai kama. Shi dai a wajensa ya fito, ai da bai fito masa ba da bai rubuta haka ba. To me zai yi? Sai ya canza kalma biyu uku, ya juya jimlar ta baya ta dawo gaba, ya sake bugawa ya kawo miki, a ransa ya yi gyara. Ke kuma ki duba ki ga babu abin da ya motsa. Shi bai yi ƙarya ba, ke ma ba ki yi ba, kawai dai abin da ke kanki lokacin da kika rubuta "bai fito ba" bai sauka a takardar ba, kan naki ya zauna.

Ni abin da nake auna kowane tsokaci da shi kafin in bar shi a takarda guda ɗaya ne. In ɗalibin nan ya zauna shi kaɗai, ba ni kusa, ba zai iya kirana ba, shin ya san wane layi zai je, ya san me ya same ni da na karanta layin, kuma ya san abu na farko da zai yi da hannunsa? In ɗaya daga cikin ukun nan babu, tsokacin bai gama nuna ba. "Ka yi ƙoƙari" ba shi da ko ɗaya, "bai fito ba" yana da rabin na biyu kawai, kinga kenan yabon da sukar duk ciwonsu ɗaya, hukunci ne aka yanke ba a faɗi dalili ba.

Akwai wata hanya mai sauƙi da za ki gwada kanki da ita yau ɗin nan. Ɗauko aikin ɗalibai biyu da kika riga kika duba, ki karanta abin da kika rubuta wa na farko, ki tambayi kanki in an kwashe shi an manna a aikin na biyu zai zauna? In ya zauna daram, to ba da aikin kika yi magana ba. Wannan ba sabon abu ba ne kuma ba ke kaɗai ba ce, wata mai bincike a Amurka, Nancy Sommers, ta bi tsokacin malamai 35 na jami'o'i biyu ta wallafa abin da ta gani a 1982, ta ce yawancin abin da suke rubutawa kamar hatimi yake, za a iya buga shi a kan kowace takarda. Ta kuma lura da wani abu da har yau nake gani a teburin abokan aiki, wato malami ya bi sakin layi ya gyara waƙafi da aya da rubutun kalmomi tsaf, sannan a gefen wannan sakin layin dai ya rubuta a sake shi gaba ɗaya. To yaro ya ji da wanne? Ya gyara waƙafin jimlar da za a zubar? Kullum ƙaramin zai ɗauka, don shi ne ya san yadda ake yi.

Bari mu ɗauki sakin layi ɗaya mu bi shi

A ce ɗalibinki yana bincike kan dalilin faɗuwar 'yan sakandare a lissafi, ya raba takardar tambayoyi a makaranta ɗaya, 68 suka dawo, ya ajiye 8 da ba a cike su sosai ba, ya yi aiki da 60. Misali ne na ƙirƙira don mu samu abin riƙewa, amma irinsa za ki yi ta gani. A babi na huɗu, shafi na 41, ya rubuta:

"Sakamakon binciken ya nuna cewa mafi yawan ɗalibai suna faɗuwa lissafi saboda rashin ƙwararrun malamai. Wannan babbar matsala ce da ta addabi al'umma baki ɗaya, don haka ya kamata gwamnati ta ɗauki mataki."

A saman sakin layin kuma ga jadawalinsa na 3, mutum 21 suka zaɓi rashin ƙwararrun malamai, 24 suka zaɓi rashin littattafai, 15 suka zaɓi wasu dalilai.

Da kin karanta za ki ji wani abu ya tsaya miki a wuya, kuma daidai nan ne hannu ke saurin rubuta "bai fito ba". Dakata tukun, ki tambayi kanki me takamaimai ya tsaya min? In kika tona za ki samu abu uku ne daban-daban. Ya ce mafi yawa alhali 21 cikin 60 kashi 35 ne cikin ɗari, ba su kai rabi ba, ba su ma ne suka fi yawa a jadawalin ba. Sannan ya ce suna faɗuwa "saboda", alhali shi bai auna abin da ke kayar da su ba, ra'ayinsu ya tambaya, abin da ya samu shi ne abin da yaran ke ganin shi ne dalili. Na ƙarshe kuma daga makaranta ɗaya ya yi tsalle ya dira kan al'umma baki ɗaya. Wannan tonon shi ne ainihin aikin, kuma shi ne ke cin lokaci, rubuta tsokacin kansa minti biyu ne. Sau da yawa in malami ya rubuta kalma ɗaya a gefe, ba rowar tawada ba ce, shi kansa bai tsaya ya gano me ya dame shi ba.

Ga yadda zan rubuta masa. Zan ja layi a ƙarƙashin "mafi yawan ɗalibai" kaɗai, ba sakin layin duka ba, in ce:

"Ka ce mafi yawa, na koma jadawali na 3 na ga 21 ne cikin 60, kuma masu cewa rashin littattafai sun fi su, su 24. Da na ga haka sai na daina yarda da sauran sakin layin. Sake rubuta jimlar nan kana kallon jadawalin, ka fara da dalilin da ya fi samun mutane, ka sa adadi da kashi na kowanne."

Sai in zagaye "saboda" in ce:

"Duba tambayar da ka yi musu a takardar tambayoyinka. Me ka tambaye su, abin da ya kayar da su ko abin da suke ganin ya kayar da su? Gyara jimlar ta faɗi abin da ka tambaya kawai. Akwai irin wannan saboda ɗin a wasu wurare biyu a babin nan, nemo su da kanka."

Kinga bambancin na farko da na biyu ko? Na farko umarni ne kai tsaye don kuskure ne na karanta jadawali, babu wani tunani mai zurfi da zan jira ya yi, in na mayar da shi tambaya ɓata masa lokaci zan yi. Na biyu kuma tambaya ce, don ina so shi ya gano da kansa cewa ra'ayi daban dalili daban, in na ba shi amsar zai gyara layin nan ɗaya ya bar sauran, kuma ranar kare aiki in aka tambaye shi zai tsaya yana kallon mutane. Amma ki lura tambayar ba irin "me kake nufi?" ba ce ko alamar tambaya tsirara a gefe, tambaya ce da na nuna masa inda amsarta take.

Na ukun fa, maganar al'umma baki ɗaya? Ni a wannan zagayen zan bar shi, ko in ce masa a taƙaice mu haɗu a kansa in mun zo babi na biyar. Dalili shi ne in ya gyara na farko da na biyu da kyau, jimlar al'ummar za ta tsaya ita kaɗai ba abin da ke riƙe da ita, yara da yawa da kansu suke cire ta. In bai cire ba ga zagaye na gaba nan.

Abin da ban yi ba kuma shi ne ban rubuta masa jimlar daidai ba. Wannan jarabar tana da ƙarfi wallahi, musamman in kin gaji kuma kin san jimlar da ya kamata, sai ki ga gara ki rubuta kawai a wuce wajen. In kika yi haka zai kwafe ta harafi da harafi, aikin zai yi kyau, shi kuma yana nan inda yake, kuma daga ranar ya gane cewa in ya kawo miki ɗanye za ki dafa masa. Dylan Wiliam, wanda ya daɗe yana aiki kan auna karatu a aji, yana yawan nanata cewa ya kamata gyara ya fi ba wanda aka yi wa gyaran aiki a kan wanda ya yi gyaran. In kin ga ke kika raba dare shi kuma minti goma ya ishe shi, to an juya rabon aikin. Inda nake yarda in rubuta jimla cikakkiya shi ne sau ɗaya a matsayin samfuri, in ce ga yadda ake ba da rahoton layi ɗaya na jadawali, saura layi biyu ka yi su haka.

Yabon ma haka ake yin sa

Kar ki ɗauka ina cewa a daina yabo. Yabo na da aiki, aikinsa shi ne ya gaya wa mutum abin da zai ci gaba da yi, don sau da yawa ɗalibi kan yi abu daidai bai san ya yi ba, in ba a nuna masa ba a gyara na gaba sai ya goge shi. A misalinmu, a ce a babi na uku yaron ya bayyana cewa takardu 68 suka dawo, ya ajiye 8 kuma ya faɗi dalili. Wannan abu ne mai kyau sosai da da yawa ba sa yi. "Madalla" a gefe ba zai gaya masa komai ba, zai iya ɗauka rubutun ne ya yi daɗi. Sai ki ce: "Da ka faɗi takardu nawa ka ajiye da dalilin ajiye su, na san daga ina 60 ɗinka ta fito, ban yi ta lissafi da kaina ba. Irin wannan bayanin nake so a ƙarƙashin kowane jadawali a babi na huɗu." Yanzu yabon ya zama abin aiki, har ya ba shi ma'auni daga cikin rubutunsa na kansa, wanda ba zai ce ya fi ƙarfinsa ba tunda shi ya yi.

Abin da nake gujewa shi ne yabon da ke kan mutum, "kai haziƙi ne", da ɗan'uwansa "kai malalaci ne", "ba ka da hankali a aiki". A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun tattara bincike masu yawa kan tasirin gaya wa mutum yadda aikinsa yake, suka samu cewa a dunƙule yana taimakawa, amma a sama da kashi ɗaya cikin uku na gwaje-gwajen aikin mutane lalacewa ya ƙara yi bayan an yi musu tsokaci. Bayanin da suka bayar shi ne duk lokacin da maganar ta janye hankalin mutum daga aikin ta mayar da shi kan kansa, wato ni wane ne, ana ganina da daraja ko ba a gani, amfaninta raguwa yake. Wannan ya yi daidai da abin da nake gani, yaron da aka rubuta wa "wannan shirme ne" kwana zai yi yana tunanin malamar ta tsane shi, ba jadawali na 3 ba. Shi ya sa kika ga a tsokacin can na ce "na daina yarda da sauran sakin layin", ina ba shi labarin abin da ya same ni a matsayin mai karatu, ba zai iya musun wannan ba, kuma ban taɓa mutuncinsa ba.

Sannan salon nan da ake koya wa mutane na a fara da yabo, a cusa suka a tsakiya, a rufe da yabo, ni ban cika son sa ba. Ɗalibai sun gane shi, da sun ga "ka yi ƙoƙari" sun san "amma" na tafe, sai yabon ya tashi a banza, wasu kuma akasin haka, yabon biyu suke ji su tafi da murna su manta na tsakiyar. In akwai abin yabo ki faɗe shi a inda yake da dalilinsa, in babu a wannan shafin kar ki ƙirƙiro.

Yawan jan biro da maganar maki

Kin ce kina raba dare, to ina zargin kina taɓa komai. Shafi in ya yi ja jawur yaro ba ya iya bambance wanne ne zai iya kayar da shi wanne ne na ado, duk girmansu ɗaya a idonsa. Yadda nake yi, karatun farko ba na riƙe biro sam, in karanta babin daga farko har ƙarshe, sannan in tambayi kaina in abu biyu ko uku kawai yaron nan zai gyara, waɗanne ne za su fi ɗaga aikin? Su nake rubutawa a shafin farko da lambar shafin da suke, in jera su bisa nauyi, in ce fara da wannan. Kuskuren nahawu da rubutun kalmomi kuwa shafi ɗaya nake bi in gyara sosai, in ce masa irin kuskuren da ke maimaituwa kenan, bi sauran shafukan da kanka, kuma wannan sai tsarin babin ya zauna tukun, ba a zagayen farko ba.

In kuma aikin na maki ne, kamar asaimen, ki san cewa maki na cinye tsokaci. Ruth Butler ta gwada wannan da 'yan firamare a Isra'ila, aka wallafa a 1988, wasu aka ba su maki kaɗai, wasu tsokaci kaɗai, wasu duka biyun. Masu tsokaci kaɗai ne aikinsu ya ƙaru, waɗanda aka haɗa wa biyun kuwa kusan daidai suka fito da masu maki kaɗai, kamar ba a rubuta musu komai ba. Yara ne ƙanana, ba zan ce haka abin zai fito sak a jami'a ba, amma duk wanda ya taɓa raba takardu a aji ya ga yadda ido ke zuwa kan lambar, daga nan sai takardar na kusa. Don haka in da hali ki ba da tsokacin a kan daftari, makin ya biyo bayan gyara. Dogon sharhi a kan aikin da an riga an rufe, babu damar sake shi, yawanci wahalar banza ce.

Abu ɗaya da ya fi komai canza min yadda ɗalibai ke dawo da aiki shi ne na daina karɓar sabon bugu shi kaɗai. Sai an haɗo min da tsohon mai jan biro, da 'yar takarda da yaro ya rubuta a gaban kowane tsokaci me ya yi kuma a wane shafi, in bai yarda da ni ba ya faɗi dalili, in bai gane ba ya rubuta ban gane ba. Wannan takardar madubi ce a gare ki. A ce yaronmu ya dawo ya rubuta "na gyara", kika duba kika ga ya mayar da jimlar "kashi 35 na ɗalibai suna faɗuwa saboda rashin ƙwararrun malamai". Kinga na farko ya shiga, ko da rabi ne tunda bai kawo masu littattafan ba, na biyu kuwa bai shiga ba sam, har ma jimlar ta ɗauki wata ma'anar da ba ita ba. Wannan ba taurin kai ba ne, alama ce cewa bai san bambancin ra'ayi da dalili ba tun asali.

Nan ne kuma iyakar rubutu a gefen takarda take. Tsokaci komai kyansa yana aiki ne in mutum na da ilimin da zai ɗora shi a kai, ya sani ya manta ko ya sani bai lura ba. In ilimin ne babu, ko sau nawa kika sake rubuta masa da kalmomi daban ba zai motsa ba, sai an zauna. Ki kira shi minti goma, ki buɗe takardar tambayoyin a gabansa, ki ce karanta min tambayar da ƙarfi, sannan ki ce in ɗalibi ya ce malami ne ya kayar da shi, hakan ya tabbatar malamin ne? Yawanci kafin ki rufe baki ya gano. In kuma kin ga ɗalibai huɗu biyar duk a wuri ɗaya suke tuntuɓe, kar ki rubuta abu ɗaya sau biyar, tara su ki koyar da shi sau ɗaya, a takardunsu kuma ki sa lambar shafi kawai ki ce abin da muka yi ranar nan.

Akwai kuma wanda zai kawo miki babi mai santsi ba kuskure ko ɗaya amma in kin tambaye shi me sakin layi na biyu ke cewa ba zai iya faɗa ba. Wannan ba matsalar tsokaci ba ce, kar ki ɓata tawadarki kina gyara rubutun da ba shi ya yi ba, ki rufe takardar ki sa ya yi miki bayanin babin da baki tukun, abin da ya iya faɗa shi ne za ku fara ginawa a kai.